Had-dis ɗina ya faɗi yana ƙara: in biya masu ceto ko in gwada a gida?

Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoton biki ne a Tudun Wada, Kaduna. Ranar Asabar ina cikin gyaran hotuna kai tsaye daga ƙaramin had-dis ɗina mai terabait 1, sai yaro ya ja kebul, ya faɗo daga kan tebur zuwa siminti. Tun daga lokacin in na jona shi sai ya yi ƙas-ƙas-ƙas kamar sau goma ya yi shiru, kwamfuta kuma ba ta ganinsa. Na gwada sau shida ko bakwai. A cikinsa akwai aikina na shekara huɗu, har da bukukuwa biyu da ban miƙa wa masu su ba. Wani kamfani a Abuja ya faɗa mini kuɗin da ya kai na sababbin had-dis biyar. Abokina ya ce in sa shi a firiza, wani mai gyara kuma ya ce zai canja bod ko ya buɗe ya duba a kan kuɗi kaɗan. Don Allah wanne zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya mayar maka da alheri, ya kuma sa a dace. Kafin ka ƙarasa karanta wannan amsa, ka cire kebul ɗin daga jikin had-dis, ka ajiye shi a inda hannun kowa ba zai kai ba, kuma kada ka sake jona shi ko da sau ɗaya ne don ka ji ko ya warke. Shawarata ita ce ka kai shi wurin ƙwararrun masu ceto bayanai, domin irin ciwon da alamominsa suka nuna ba ya cikin waɗanda ake magancewa a gida ko a teburin mai gyaran kwamfuta. Akwai aikin da za ka yi da hannunka wanda zai iya rage maka kuɗi sosai, kuma zan zo kansa, amma ba a jikin wannan had-dis ɗin za ka yi shi ba.

Ya kamata ka san abin da ke faruwa a cikin akwatin, saboda sanin ne zai hana ka karɓar shawarar da za ta cuce ka. A cikin had-dis irin naka akwai faranti ɗaya ko biyu masu sheƙi kamar madubi, kuma a kan wani siririn shafe na maganaɗisu da ke fuskarsu aka rubuta hotunanka. Farantin yana juyawa sau 5,400 a minti ɗaya a yawancin ƙananan had-dis, wato sau 90 ke nan a kowace daƙiƙa. Abin da ke karantawa da rubutawa wani ɗan ƙaramin kai ne a ƙarshen hannu, wanda zan kira allura don sauƙin magana, sai dai ita wannan allura ba ta taɓa farantin kamar ta garmaho. Iskar da juyin farantin ke tasarwa ce take ɗauke da ita, tana shawagi a tazarar nanomita kaɗan, alhali kaurin silin gashin mutum ya kai dubban nanomita masu yawa. Idan had-dis a kashe yake, allurar tana ajiye a gefe a kan wani ɗan matashi na roba, shi ya sa wani lokaci yakan faɗi ya tashi lafiya. Idan kuwa yana cikin aiki ya faɗi, allurar tana tsakiyar faranti a lokacin, sai ta doke shi yana cikin gudu, ta lanƙwashe ko ta karye, wani zubin ma ta karce wurin da ta sauka.

Ƙarar da kake ji kuwa fassararta ita ce: duk lokacin da aka ba shi wuta, had-dis yakan aika allura ta nemo wasu alamomi da aka rubuta a kan faranti tun daga masana'anta, waɗanda suke nuna mata inda take. Idan ta kasa karanta su sai hannun ya koma mafari da ƙarfi, ya sake fitowa, ya sake komawa, har na'urar ta haƙura ta kashe injinta. Gaskiya ne ƙarancin wuta ko lalacewar kebul ma sukan sa had-dis ya yi ƙara, kuma ga wanda nasa bai faɗi ba nakan ce ya canja kebul da kafar kwamfuta ya gwada sau ɗaya. Amma ƙarar da ta fara daga faɗuwa kan siminti, allura ce ake fara tuhuma. Kowane jonawa da aka yi bayan haka, an sake jan karyayyen ƙarfe ne a kan fuskar da hotunan suke, kuma abin da ya kankaro yana zama ƙura a cikin akwatin, ƙurar ta shiga ƙarƙashin alluran sauran fuskokin farantin da suke da lafiya ta lalata su su ma. Allurar da ta mutu ana iya canja ta. Shafen farantin da ya kankare kuwa babu kamfanin da zai iya mayar da shi, ko a Abuja ko a ƙasar da aka ƙera shi.

Ban faɗi wannan da ka ba. Shekarun baya na taɓa yin wannan kuskure da had-dis ɗin da na tara rubuce-rubucena da hotunan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Shi nawa yana ƙara amma kwamfuta tana ganinsa jefi-jefi, sai na sa masa wata manhajar bincike na bar shi ya kwana yana aiki, ina jin ƙarar daga ɗaki ina cewa ai ƙoƙari yake yi. Da na kai shi wurin masu aikin daga baya, wanda ya buɗe ya kira ni ya nuna mini ta bayan gilashi. A kan farantin akwai wani zobe mai duhu da ya zagaye shi kamar an ja layi da ƙusa, sannan ɗan farin matacin iska da ke lungun akwatin, wanda bai wuce girman farce ba, ya koma ruwan toka. Ya ce mini wannan tokar da nake gani ita ce bayanan nawa. An ceto wasu takardu, amma yawancin hotunan sun tafi, kuma har yau in na tuna nakan ji zafin daren nan da na bar shi yana juyawa.

Maganar firiza ka ajiye ta gaba ɗaya. Dabara ce da ta yaɗu tun zamanin tsofaffin had-dis, kuma abin da take jawowa a zahiri shi ne raɓa: da ka fito da ƙarfe mai sanyi cikin iskar ɗaki, danshi zai kwanta a kansa ciki da waje, allurar da ke bukatar tazarar nanomita kuma ta haɗu da ɗigon ruwa. Sanyi ba ya miƙe allurar da ta lanƙwashe.

Batun canja bod ya fi kama da hankali, shi ya sa ya fi yaudarar mutane. Bod shi ne koren allon lantarkin da ke manne a bayan had-dis, kuma yakan ƙone idan wuta ta zo da ƙarfi ko an jona caja da ba tasa ba. Alamar ƙonewarsa ita ce shiru: ka jona, ka kara kunne, babu juyi babu motsi, wani lokaci da ɗan ƙaurin ƙuna. Had-dis ɗin da injinsa ke tashi har hannu yana kai da komo, bod ɗinsa yana aiki. Ko da ma shi ne ya lalace, ba a ɗauko na wani a ɗaura kawai, domin a jikin kowane bod akwai ma'aunan da masana'anta ta daidaita da alluran wannan had-dis ɗin shi kaɗai, galibi a cikin wani ɗan ƙaramin cif mai ƙafa takwas, kuma dole a cire shi a mayar a kan sabon bod ko a kwafe abin da ke cikinsa. Idan cif ɗin ya ƙone a hannun mai walda, an ƙara wa aikin wahala da tsada. Saboda haka mai gyaran zai karɓi kuɗinka, ya jona had-dis ɗin sau da yawa yana gwaji, ya dawo maka da shi ya fi yadda ka kai shi lalacewa, ba don mugunta ba, sai don maganin da yake da shi ba na wannan cuta ba ne.

Buɗewa kuwa ita ce mafi muni a cikin ukun. Kai ɗan Kaduna ne, ka san yadda in ka goge gilashin kyamara a lokacin hunturu kafin ka juya ƙura ta sake kwanta a kai, ka kuma san iskar shagunan da ke bakin titin Ahmadu Bello. Ƙwayar ƙura guda da ido ba ya gani ta fi tazarar da ke tsakanin allura da faranti girma nesa ba kusa ba. Masu wannan sana'a suna buɗe had-dis ne a kan wani tebur na musamman da ke hura tatacciyar iska ba tsayawa, da safar hannu, da wani ɗan mataji da ake zurawa tsakanin alluran don kada su manne da juna yayin cirewa. Sannan ka tambayi kanka abin da mai gyaran zai yi bayan ya buɗe ya gani, tunda ba shi da alluran canji, ba shi kuma da na'urar da za ta karanta faifan bayan an canja. Kamfanoni da yawa suna ƙara kuɗi idan suka ga an riga an ɓalle murfin, wasu ma ba sa karɓa. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Ba ina cewa kowane mataccen had-dis sai an kai shi kamfani ba. Da a ce naka bai faɗi ba, yana juyawa lami lafiya babu baƙuwar ƙara, kwamfuta tana nuna sunansa da girmansa daidai, matsalar kawai ita ce folda ba ta buɗewa, ko yana nauyi, ko Windows tana cewa a yi masa `Format`, da na ce ka gwada a gida. A irin wannan hali ƙa'idar ita ce kada a yi gyara a jikin mara lafiyan. Ba a danna `Format`, ba a kuma sa masa `chkdsk`, domin wannan umarni idan aka sa shi gyara yana rubutu a kan faifan yana sake tsara jadawalin fayiloli, kuma abin da ya yanke ba ya dawowa. Abin da ake yi shi ne a kwafe had-dis ɗin ɗungurungum, tun daga farkonsa har ƙarshe, zuwa wani lafiyayye da ya fi shi girma, sannan a cire shi a ci gaba da bincike a kan kwafin. Manhajar da aka fi amincewa da ita a wannan aiki kyauta ce, sunanta GNU ddrescue, a kan tsarin kwamfuta mai suna Linux take aiki, kuma hikimarta ita ce tana fara kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, ta tsallake masu wuya, ta bar su sai daga baya. Ana fara tantance sunan kowane faifai, sannan daga cikin wata folda da ke kan lafiyayyen faifan a yi zagayen farko, domin a foldar da ake ciki kwafin zai sauka:

```
lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL
sudo ddrescue -d -n /dev/sdX kwafi.img taswira.map
```

A wurin `sdX` ake sa sunan mara lafiyan kamar yadda umarnin farko ya nuna, kuma a tsaya a duba sau biyu, domin wanda ya rikita sunayen zai kwafe wani faifai daban ya bar wanda ya zo ceto. Fayil ɗin `taswira.map` yana riƙe da lissafin inda aka kai, ta yadda ko an ɗauke wuta za a ci gaba daga wurin da aka tsaya, abin da duk mazaunin garin nan ya san amfaninsa. Lafiyayyen terabait 1 yana kwafuwa cikin awa uku ko huɗu, mai ciwo kuwa yana iya cin kwanaki. Kuma ko a wannan hanya akwai inda ake tsayawa: da zarar an ji ƙara ta fara, ko gudun kwafin ya faɗi warwas ya ƙi tashi, ko faifan ya riƙa ɓacewa yana dawowa, sai a kashe a nemi ƙwararru. Na kawo maka wannan ne don ka ga iyakar da ke tsakanin hanyoyin biyu. Duk wata manhaja, ta kyauta ko ta kuɗi, tana roƙon had-dis ne ya karanto mata, idan kuma abin karatun ne ya karye babu abin da za ta samu. Faifan da kwamfuta ba ta ganinsa ba ya cikin wannan babi.

Yanzu ga aikin da nake so ka yi da kanka a daren yau, wanda babu haɗari a cikinsa. Hotunan bukukuwan nan biyu ba a cikin had-dis aka haife su ba, daga katin memorin kyamara suka fito. Ka tattaro duk katunan da ka yi aiki da su a ranakun, ka daina ɗaukar hoto da su nan take, ka tura ɗan makullin da ke gefen kowane kati zuwa wurin da aka rubuta `Lock` don kada wani abu ya rubutu a kai. Fomatin ɗin da aka saba yi a cikin yawancin kyamarori jadawalin sunaye kawai yake gogewa, hotunan suna nan kwance har sai sababbi sun hau kansu, sai dai in an zaɓi fomatin mai zurfi ko kyamarar tana daga cikin masu share katin gaba ɗaya. Manhajar PhotoRec, wadda Christophe Grenier ya rubuta kuma take zuwa tare da TestDisk kyauta, tana bin kati lungu-lungu tana tsinto hotuna ta hanyar gane yadda kowane irin fayil yake farawa, har da ɗanyun hotuna irin su CR2 da NEF. Za ta tambaye ka inda za ta zuba abin da ta samo, sai ka nuna mata wata folda a kwamfuta, kada ka nuna mata katin kansa. Sunayen asali ba za su dawo ba, za ka ga lambobi ne a cikin foldoji masu suna `recup_dir.1` da makamantansu, amma ranar ɗauka da lokacinta suna cikin kowane hoto, da su za ka sake jera su.

Ka yi lissafi a kan haka. A ce katinka mai gigabait 64 ne, ka cika shi a wurin ɗaurin aure da kamu, ka yi fomatin, sannan ka ɗauki hoton fasfo da wani ɗan taron suna da bai wuce gigabait 10 ba. Sababbin hotunan galibi daga farkon katin suke fara zama, don haka akwai kyakkyawan zaton cewa kaso mafi girma na bikin yana nan. Bayan katuna, ka duba laftof ɗin. Idan da Lightroom kake gyara kuma kundinsa yana kan laftof, manhajar tana ajiye ƙananan kwafin hotunan da ka shigar don nunawa a allo, kuma ana iya fitar da su, ko da ba su kai na asali girma ba. Ka duba abin da ka tura wa amare ta WhatsApp, ka tambayi wurin da kake wanke hoto ko suna da abin da ka kai musu, ka tuntuɓi yaron da ya riƙe maka kyamara ta biyu. Sai ka gama wannan ne za ka san ainihin abin da ya rage a cikin mataccen had-dis shi kaɗai, kuma wannan sanin ne zai gaya maka ko kuɗin da aka yanka maka ya cancanci biya.

Kada ka auna kuɗin da farashin sabon had-dis, domin ba ƙarfen kake saye ba. Ka auna shi da abin da za ka mayar wa iyalai biyu in hotunan suka salwanta, da ayyukan da za su wuce ka idan labari ya zaga dangi da ƙawayen amarya, tunda sana'arka da baki take tafiya, da kuma abin da kuɗi ba ya biya, wato hoton kakar da ta zo biki daga ƙauye wadda mai yiwuwa ba za a sake ɗaukarta ba. Idan katuna suka dawo maka da bukukuwan biyu, tsofaffin ayyukan kuma masu su sun riga sun karɓa, to babu gaggawa. Had-dis ɗin da aka ajiye a kashe, a wuri busasshe, ba ya ƙara lalacewa don ya yi wata uku ko shida yana jiran ka tara kuɗi. Idan kuwa katunan ba su ba da komai ba, ni a ganina biyan ya zama wajibi a kanka, domin amanar mutane ce a ciki.

Tsadar ma tana da dalili. Don su canja allura dole su samo wani had-dis lafiyayye mai irin samfurin naka, kusa da shi a lokacin ƙira da masana'anta, su kashe shi su cire alluransa, kuma sau da yawa daga waje ake sayo shi da dala. Idan farantin ya karce, sababbin alluran ma sukan mutu kafin a gama, a sake neman wani. Sannan ba a kwamfuta kawai suke jona shi ba, suna da na'ura ta musamman, wadda aka fi sani ita ce PC-3000 ta kamfanin ACE Lab, da ke ba su damar kashe allurar da ta fi rauni su karanta da sauran, su rage lokacin da ake ɓatawa a kan wurin da ya lalace, su kuma nufi foldar da aka fi bukata kai tsaye. Saboda wannan dalili na ƙarshe nake so ka rubuta musu sunayen foldojin bukukuwan biyu a takarda, ka ce su fara da su kafin komai, domin had-dis ɗin da aka yi wa dashen allura ba a san awa nawa zai rayu ba.

Sai dai ba duk wanda ya rubuta ceto bayanai a allon shagonsa ne yake da waɗannan kayan ba. Da yawa manhaja kawai gare su, wasu kuma dillalai ne da za su karɓa su aika Legas su ɗora ribarsu. Kafin ka miƙa, ka tambaye su ko a wurinsu ake buɗewa, kuma ka nemi ganin teburin da suke aikin a kai, ko da a hoto ne. Ka tambayi yadda suke samo had-dis ɗin da za a cire wa allura, da wanda zai biya kuɗinsa idan aikin bai yi nasara ba. Ka nemi a rubuta maka kuɗin dubawa daban, kuɗin aiki daban, a kuma rubuta abin da ake nufi da nasara, domin dawo da kashi 90 cikin 100 na fayiloli ba shi da amfani a gare ka idan bukukuwan biyu suna cikin goman da suka ɓata. Kafin ka cika kuɗi, a nuna maka jerin abin da aka samo, ka zaɓi hotuna da bidiyo da kanka daga wurare daban-daban a buɗe su a gabanka har ƙarshe, saboda fayil yakan fito da sunansa da girmansa daidai amma rabin hoton toka ne. Wanda ya yi maka alkawarin tabbas zai dawo da komai tun bai duba ba, ka ɗauki kayanka ka fita. Ka kuma yi maganar sirri a fili, tunda akwai hotunan matan mutane na cikin gida a ciki: su faɗa maka kwana nawa suke riƙe kwafi bayan sun miƙa maka, da yadda suke goge shi.

A naka ɓangaren, ka gaya musu gaskiyar abin da ya faru ba ragi: yana aiki ya faɗi, tsawon teburin, irin ƙarar, da yawan jonawar da aka yi bayan nan. Mutane sukan ɓoye wannan don kunya ko tsoron ƙarin kuɗi, sai ma'aikacin ya jona faifan don gwaji alhali da ya sani da buɗewa zai fara yi ya duba alluran. Idan ka taɓa sa wa had-dis ɗin kalmar sirri ko ka kulle shi da BitLocker, ka nemo kalmar ko mabuɗin nan mai lamba 48 tun yanzu, domin ba tare da shi ba ko an kwafe komai ba za a iya buɗewa ba. Kada ka ɓare kwanson robar da yake ciki, ka kai shi yadda yake tare da kebul ɗinsa, saboda a wasu samfura bayanan a rufe suke da wani cif da ke jikin bod ɗin. Ka sayi sabon had-dis da za a zuba maka abin da aka ceto, ka tafi da shi.

Wajen kaiwa, na fi son ka riƙe shi da hannunka a kan ka ba direba a tashar Kawo ko Mando ya jefa a but tare da buhuna. Ka naɗe shi da soso ko tawul mai kauri ta kowane gefe, ka sa a ƙaramin kwali yadda ba zai yi motsi ba, ka ɗora jakar a cinyarka. Jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa tashar Idu da ke Abuja ya fi mota rashin jijjiga, kuma zuwa da kanka zai ba ka damar ganin wurin da mutanen da idonka kafin ka bar musu amanar.

Su kuma iyalan biyu, kada ka bari sai sun gaji da kira. Ka je da kanka wurin wanda ya ba ka aikin a kowane gida, ka gaishe shi, ka ce masa na'urar da hotunan suke ciki ta samu matsala, ka kai ta wurin ƙwararru, kuma ba za ka yi masa alkawarin abin da ba ka tabbatar ba. Ka tafi masa da abin da ka tsinto daga katuna don ya ga ba zaune kake ba, ka faɗa masa ranar da za ka dawo da labari, sannan ka roƙe shi ya sa 'yan'uwa su adana hotuna da bidiyon da suka ɗauka da wayoyinsu a ranar, kada su goge, domin idan wani ɓangare na bikin bai dawo ba da su za ka cike gurbin albam ɗin. Idan kamfanin ya ba ka sakamakon dubawa a rubuce, ka aiko mini da shi kafin ka amince da kuɗin, in duba maka abin da suka ce game da farantin.